Kashi 50 ko Maki 2.5? Yadda Ake Karanta Ƙari da Ragi a Zanen Alƙaluma

Ranar 1 ga watan Fabrairun 2020, harajin sayen kaya na VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kuɗi a watan Janairun shekarar. Tun da aka fara karɓar harajin a 1994 kusan kullum yake zaune a kan kashi 5, saboda haka ƙarin ya jawo ka-ce-na-ce. Masu kare matakin suna cewa ai biyu da rabi ne kacal aka ɗora. Masu suka kuwa suna cewa gwamnati ta ƙara haraji da kashi 50 cikin ɗari, a dare ɗaya.

Tsakanin biyu da rabi da hamsin akwai tazara mai nisa, amma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane ɓangare lissafi ya yi, kuma lissafinsa ya fita daidai. Abin da ya raba su shi ne tambayar da kowa ya amsa.

Wanda ya ce biyu da rabi debewa ya yi: 7.5 a cire 5, saura 2.5. Ya amsa tambayar da ke cewa, nawa ne tsakanin tsohon kaso da sabo? Wanda ya ce hamsin kuwa bai tsaya a nan ba. Ya ɗauki wannan 2.5 ya raba da 5, wato inda aka taso, ya samu rabi, rabi kuwa shi ne kashi 50 cikin ɗari. Tasa tambayar ita ce, idan aka gwada ƙarin da abin da ake biya a da, yaya girmansa? Amsar farko ana kiranta canji a makin kaso, ana cewa harajin ya ƙaru da maki 2.5. Ta biyun ita ce canji a kashi cikin ɗari, ana cewa harajin ya ƙaru da kashi 50. Rikicin yana farawa ne idan aka ɗauki amsar farko aka maƙala mata alamar ta biyu, aka rubuta "+2.5%", kuma a zanen alƙaluma ne aka fi yin wannan ɓaranɓaramar.

A ɗauki tela da zai sayi keken ɗinki a kantin da ke ba da rasit, kuɗin keken kafin haraji naira 100,000. A watan Janairun 2020 harajin da za a rubuta masa a ƙasan rasit naira 5,000 ne, ya biya 105,000. A watan Fabrairu harajin ya koma 7,500, ya biya 107,500. Idan ya dubi layin haraji kaɗai, ya ga 5,000 ta zama 7,500, ƙarin rabin abin da yake biya ke nan, kashi 50. Idan ya dubi kason da aka buga a gefen layin, ya ga 5 ta zama 7.5, maki 2.5. Idan kuma ya dubi jimillar da ta fita daga aljihunsa, naira 2,500 ce ta ƙaru a kan 105,000, wanda bai kai kashi 2.4 cikin ɗari ba sosai. Rasit ɗaya, lambobi uku, kowacce da abin da take aunawa. Wanda ya ji an ce haraji ya ƙaru da kashi 50 ya ɗauka kayan kanti ne za su yi tsada da rabin kuɗinsu, ya tsorata fiye da kima. Wanda ya ji an ce kashi 2.5 ya ɗauka naira 125 ce za ta hau kan dubu biyar ɗin haraji, shi kuma an kwantar masa da hankali a banza, domin kashi 2.5 na 5,000 shi ne 125, alhali abin da ya hau 2,500 ne, ninki ashirin na abin da ya zata.

To yaya wannan yake a kan zane? A ce mai zanen jarida ya tsayar da sanduna biyu. Ta hagu ya rubuta mata 2019 a ƙasa, tsawonta ya kai 5. Ta dama ya rubuta mata 2020, tsawonta ya kai 7.5. Layin tsaye na gefen hagu, wanda ake auna tsawon sandunan da shi, yana ɗauke da 0%, 2%, 4%, 6%, 8%. Sai ya ja 'yar kibiya daga kan sandar farko zuwa kan ta biyu don ya nuna ƙarin, ya tsaya yana tunanin abin da zai rubuta a jikinta. Tunda duk lambobin da ke gefe suna da alamar %, hannunsa da kansa zai kai ga rubuta "+2.5%". Nan ne kuskuren yake shiga, kuma galibi ba da mugun nufi ba.

Ka'idar da za ta fitar da shi mai sauƙi ce. Duk lokacin da layin awon zane ya kasance kaso ne cikin ɗari, tazarar da ido ke gani tsakanin sanda da sanda, ko tsakanin gaɓa da gaɓa a zane mai layi, maki ce. Mai karatu zai iya ɗora yatsa a kan 5, ya hau zuwa 7.5, ya ƙirga biyu da rabi da kansa. Kashi 50 kuwa ba a ƙirga shi da yatsa a jikin layin, sai an yi rabawa. Saboda haka rubutun da ya dace da kibiyar shi ne "+2.5 maki". Idan mai zanen yana so ya faɗi hamsin ɗin, yana da hakkin faɗa, amma wurinsa a kanun zanen ne ko a bayanin da ke ƙasa, a cikin cikakkiyar jimla: "Harajin VAT ya tashi daga 5% zuwa 7.5%, ƙarin maki 2.5, wato rabin tsohon harajin." Wanda ya karanta wannan ba shi da inda zai ɓace, domin an ba shi mafari, an ba shi maƙura, an kuma gaya masa sunan kowane awo.

Akwai wani abu da ke faruwa da sandunan nan idan mai zane ya ga sun yi kusa da juna ya yanke gindinsu. Idan ya fara layin awo daga 4 maimakon sifili, sandar farko za ta zama tsawon gaba 1, ta biyu gaba 3.5. Ido zai ga kamar harajin ya ninka sau uku da rabi, ko da an rubuta lambobin gaskiya a kansu. Idan aka fara daga sifili kuwa, sandar dama za ta fi ta hagu da rabin tsawonta cif, wato ido da kansa yana ganin kashi 50 ɗin ba tare da an rubuta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu aikin suka nace cewa zane mai sanduna daga sifili yake tashi.

Hawa da sauka ba ɗaya ba ne

Maki yana da wata ɗabi'a da kashi cikin ɗari ba shi da ita: hawansa da saukarsa daidai suke. Da a ce gwamnati za ta mayar da harajin daga 7.5 zuwa 5, ragin maki 2.5 ne, daidai da ƙarin da aka yi. Amma a lissafin kashi cikin ɗari, ragin ba zai zama 50 ba. Yanzu daga 7.5 aka taso, don haka da ita za a raba: 2.5 a raba da 7.5 ya ba da sulusi, kashi 33.3. An hau da hamsin, an sauko da talatin da uku, aka dawo inda aka faro. Mai zanen da ya jera ƙari da ragi na shekaru da yawa a kashi cikin ɗari, ya ce wa mai karatu ya haɗa su, ya sa shi aikin da ba zai fita ba. Maki ne ake iya tarawa da debewa kai tsaye.

Kuɗin ruwan Babban Bankin Najeriya ya nuna wannan ƙarara. A farkon 2024 ma'aunin kuɗin ruwan bankin yana kan kashi 18.75. A zaman watan Fabrairu, ƙarƙashin gwamnan bankin Olayemi Cardoso, kwamitin tsare-tsaren kuɗi ya ɗaga shi zuwa 22.75. A Maris ya koma 24.75, a Mayu 26.25, a Yuli 26.75, a Satumba 27.25, a Nuwamba kuma 27.50. Idan aka zana wannan, zai fito kamar matakalar bene, kowane zama da tsayin tasa taka. A rubuta tsayin kowace taka da maki: 4, sai 2, sai 1.5, sai 0.5, sai 0.5, sai 0.25. A tara su, a samu 8.75. A duba ta wata hanyar, 27.50 a cire 18.75, shi ma 8.75. Lissafin ya rufe, kuma duk mai biro da takarda zai iya tabbatarwa.

Ma'aikatan banki ma sun fi kowa gudun wannan ruɗani, shi ya sa suka yi wa kansu ƙaramin awo: suna raba maki ɗaya gida ɗari, suna rubuta shi a taƙaice da `bps` a rahotanninsu. Idan aka ga `400 bps` a jikin zanen banki, maki 4 ake nufi, `25 bps` kuwa rubu'in maki ne. Jimillar ƙarin 2024 ita ce `875 bps`. Ga mujallar da kowa da kowa ke karantawa, gara a mayar da shi maki, domin ɗari huɗu na iya firgita wanda bai san kan abin ba.

Idan kuma ana son a san nauyin ƙarin a kan wanda ke biyan ruwa, sai a koma ga rabawa: 8.75 a raba da 18.75, ya ba da kusan kashi 46.7 cikin ɗari. Ba wannan ma'aunin ne bankunan kasuwanci ke caza wa mai karɓar bashi kai tsaye ba, nasu yakan fi shi, amma don a ga girman abin, a ƙaddara bashin naira miliyan ɗaya na shekara guda a kan waɗannan lambobi. Ruwansa zai tashi daga 187,500 zuwa 275,000, ƙarin 87,500, kusan rabin abin da ake biya a da. Zanen da ya rubuta "+8.75%" a ƙarshen matakalar ya gaya wa ɗan kasuwa cewa ruwan ya ƙaru da naira dubu goma sha shida da 'yan kai. Ɗan kasuwar da ya tsara jarinsa a kan wannan zai sha mamaki.

Ba kowane zane ne yake da maki ba, wannan ma ya kamata a sani, don kada gyara ya wuce gona da iri. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000. Layin awon wannan zane naira ce. Tazarar da ido ke gani naira 40,000 ce, ƙarin kuma kashi 133 cikin ɗari ne da ɗan ɗoriya, domin 40,000 a raba da 30,000 ya ba da ɗaya da sulusi. Babu batun maki a nan ko kaɗan. Maki yana shigowa ne kawai idan abubuwan biyu da ake gwadawa su kansu kaso ne cikin ɗari: kuɗin ruwa, haraji, hauhawar farashi, kason waɗanda suka fito zaɓe, kason ɗaliban da suka ci jarrabawa.

Inda abin ya fi muni

Zanen da ya nuna mafari da maƙura yana da sauƙin gyara, domin ko an yi kuskure a jikin kibiya, mai lura zai gano. Wanda ya fi haɗari shi ne zanen da sandunansa canjin kansa suke nunawa, ba a ga inda aka taso ba balle inda aka tsaya. A nan rubutun layin awo shi ne kaɗai jagoran mai karatu.

A ƙaddara makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke juyawa. A ta farko, kason ɗaliban da suka ci lissafi ya tashi daga 10 zuwa 15 cikin ɗari. A ta biyu ya tashi daga 60 zuwa 70. Idan jami'in ilimi ya zana ci gaban da maki, sandar makarantar farko 5 ce, ta biyun 10, ta biyu ce a gaba, har ta ninka. Idan ya zana da kashi cikin ɗari, ta farko ta samu 50, ta biyu ta samu 16.7, ta farko ce a gaba, har kusan ninki uku. Alƙaluman ba su canja ba, amma wadda za a ba kyauta ta canja. Shugaban makarantar farko zai so zane na biyu, shugaban ta biyu zai so na farko, kowannensu kuma yana da hujja: ɗaya ya ƙara rabin abin da ya tarar, ɗaya kuma a cikin kowane yara ɗari ya tsallakar da ƙarin goma. Idan jami'in ya rubuta "Canji (%)" kawai a gefen zanen, ya bar kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne ɗaya daga cikin biyu: "Ƙarin maki a kason waɗanda suka ci" ko "Ƙari a kashi cikin ɗari, gwargwadon kason bara". Ya kuma sa lambobin asali a ƙarƙashin sunan kowace makaranta, "10 zuwa 15" da "60 zuwa 70", don mai shakka ya yi nasa lissafin.

Darasin da ke cikin misalin shi ne, duk inda mafari ya yi ƙanƙanta, kashi cikin ɗari yana kumbura. Birtaniya ta ga illar wannan a watan Oktoban 1995, lokacin da kwamitin kula da ingancin magunguna na ƙasar ya yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tsarin iyali suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ninkawa dai ƙarin kashi 100 ne, kuma haka labarin ya bazu. Mata da yawa suka daina sha nan take. Abin da bai isa kunnen jama'a ba shi ne girman haɗarin tun asali: daga kimanin mace 1 a cikin 7,000 ne ya koma 2 a cikin 7,000. A maki, ƙarin bai kai 0.02 ba. Masu bincike daga baya sun ƙiyasta cewa firgicin ya jawo ƙarin zubar da ciki kimanin 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya. A irin wannan yanayi ma, ko makin ba ya taimakon mai karatu sosai, domin 0.014 ba lamba ce da zuciya ke iya kamawa ba. Rubutun da ya fi dacewa da zanen shi ne ƙidayar mutane: ɗaya cikin dubu bakwai, biyu cikin dubu bakwai.

Wannan ya nuna cewa babu awon da ya fi ɗan'uwansa gaskiya. Kashi cikin ɗari yana iya mayar da ƙaramin abu dodo, maki kuma yana iya rufa wa babban abu asiri, kamar yadda biyu da rabi ta yi wa ƙarin harajin da ya kai rabi. Wanda ke son ya sayar da ra'ayi yakan zaɓi wanda ya yi masa daɗi ya ɓoye ɗayan.

Akwai kuma inda kashi cikin ɗari ba ya aiki sam. A 2016 tattalin arzikin Najeriya ya tsuke da kimanin kashi 1.6, a 2017 kuma ya bunƙasa da kimanin kashi 0.8, bisa alƙaluman da aka fitar a lokacin. Daga 1.6 ƙasa da sifili zuwa 0.8 sama da shi, tazarar maki 2.4 ce, kuma ana ganinta a zane. Wanda ya gwada rabawa da mafarin zai samu ragin kashi 150, a shekarar da abubuwa suka gyaru. Idan mafari sifili ne ma, rabawar ba ta yiwuwa. Duk layin da ke tsallake sifili, da maki kaɗai ake bayyana motsinsa.

Hauhawar farashi tana da nata tarkon, domin ita kanta canji ce a kashi cikin ɗari. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 a Disamban 2023, tana nufin farashi ya fi na Disamban 2022 da wannan kaso. A Disamban 2024 adadin ya kai 34.80. Tazarar kusan maki 5.9 ce. Mai zanen da ya rubuta "+5.9%" a nan ya yi kuskure mai hawa biyu, domin magidanci zai karanta shi a matsayin farashin kaya ya ƙaru da kashi shida a shekarar, alhali da kusan kashi 35 ya ƙaru. Haka nan idan layin ya karkato ƙasa, ba farashi ne ya sauka ba, gudun hawansa ne ya ragu, kuma kanun zanen ya kamata ya faɗi haka ɓaro-ɓaro.

Sai kuma wani wurin da ko debewar ma ba ta halatta. A farkon 2025 hukumar ta sabunta tsarin lissafinta, ta mayar da shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jerin kayan da take bin farashinsu. Adadin da ta sanar na Janairun 2025 a sabon tsarin shi ne 24.48. Wanda ya ja layi daga 34.80 zuwa 24.48 ya rubuta ragin maki 10.32 ya auna hatsin jiya da tiya, na yau da mudu, ya ce buhu ya canja. Abin da ya dace shi ne a katse layin a daidai wannan wata, a bar 'yar tazara, a rubuta "sabon tsarin lissafi" a wurin.

Yadda kwamfuta ke sa hannu a kuskuren

Da yawa daga cikin zanen da ake gani a jaridu da rahotannin ofis daga manhajar Excel ko makamanciyarta suke fitowa, kuma a can ne "+2.5%" take samo asali. A ce an shigar da 5% a gurbin A2, an shigar da 7.5% a gurbin B2. Hanyoyin lissafin biyu su ne:

```
=B2-A2
=(B2-A2)/A2
```

Ta farko maki take bayarwa, ta biyu kashi cikin ɗari. Sai dai manhajar ba ta san da wannan bambanci ba. A cikinta 5% tana ajiye ne a matsayin 0.05, 7.5% kuma 0.075, don haka amsar farko 0.025 ce, kuma tunda daga gurabe masu alamar % ta fito, za ta nuna ta a matsayin 2.5%. Idan ma an saita gurbin ba tare da lambar bayan ɗigo ba, 3% za ta nuna. Daga nan alamar za ta bi lambar har cikin zanen, ta zauna a kan sanda, ba wanda ya rubuta ta da hannunsa.

Maganin bai da wuya. A ninka amsar da ɗari don ta zama lamba zalla, sannan a shiga `Format Cells`, a zaɓi `Custom`, a rubuta tsarin da zai maƙala mata sunanta:

```
=(B2-A2)*100
+0.0" maki";-0.0" maki"
```

Layin farko a cikin gurbin ake rubuta shi, na biyu a akwatin tsari. Gurbin zai nuna "+2.5 maki", idan ragi ne kuma ya nuna da alamar debewa, zanen da aka ciro daga gare shi ma zai ɗauki wannan rubutu. A zanen da aka yi da Turanci, mai karatu zai riƙa cin karo da `pp` ko `% points` a jikin lamba, duk maki suke nufi.

Rubutun da ke kan zanen Hausa yana buƙatar kulawa ta musamman a wuri ɗaya. An saba cewa "ya ƙaru da kashi kaza" ga kowane irin ƙari, a rediyo da jarida, har ta kai idan aka ce kaso 20 ya ƙaru da kashi 10, wani zai ji 30, wani ya ji 22. Edita mai kula yakan hana wannan jimla fita haka. Ko dai a ce "ya ƙaru da maki 10, zuwa kashi 30", ko a ce "ya ƙaru da kashi 10 na yadda yake, zuwa kashi 22". Kalmar "zuwa" da lambar da ke binta ita ce ke kashe gardama, kuma ba ta cin wuri a zane. Haka ma a guji sa awon biyu a layin awo ɗaya: sandar da ke nuna maki da wadda ke nuna kashi cikin ɗari ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa, domin ido zai gwada tsawonsu alhali ba abu ɗaya suke aunawa ba. Idan dole sai an nuna duka biyun, a yi zane biyu, kowanne da kanunsa.

Mai karatu ma yana da abin yi, kuma bai wuce minti ɗaya ba. Idan ya ga lamba mai alamar ƙari ko ragi a jikin zane, ya fara duba layin gefe ya ga ko kaso ne ko naira ko yawan mutane. Idan kaso ne, ya nemo lambar farko da ta ƙarshe ya debe. In amsarsa ta yi daidai da abin da aka rubuta, to maki ne, ko da an sa masa alamar %. In ba ta yi daidai ba, ya raba amsar da lambar farko ya ninka da ɗari, ya ga ko nan ne ta faɗo. Idan kuwa ya duba sama da ƙasa bai ga lambar farko ba, kada ya yaɗa zanen, kada kuma ya kafa hujja da shi, sai wanda ya zana ya faɗi daga nawa aka taso.